Liyan ɗin biya: yadda ɗan kasuwa ke haɗa shi, ya aika wa kiliya ta WhatsApp

Ciniki da yawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai yanzu a cikin WhatsApp yake farawa, a can kuma yake ƙarewa. Kiliya ya ga hoton kaya, ya tambayi kuɗi, a yi tayi, a daidaita. Wurin biya ne ake yawan samun cikas. Mai kaya ya ba da lambarsa, kiliya ya tafi wurin mai transfar ko ya tura daga wayarsa, sannan ya aiko da hoton allo, wanda aka fi sani da kaftir, ya ce ya biya. Idan mutum 10 suka turo kuɗi a yini guda, wasunsu da lambar da ba tasu ba, sai mai kaya ya zauna da dare yana lalube: wannan jika 15 ɗin na wane ne, na wane kaya ne?

Wannan matsala ce liyan ɗin biya ya zo ya rage. A kan allo za a ga an rubuta shi « Lien de paiement », maƙwabtanmu na Najeriya kuwa linki suke ce masa. Adireshin intanet ne ɗan gajere da mai kaya ke haɗawa domin ciniki guda, ya aika wa kiliya cikin saƙo. Kiliya ya taɓa shi, shafi ya buɗe ɗauke da sunan mai kaya da adadin kuɗin, ya biya daga asusun wayarsa ko da katin banki.

Abin da ke cikin liyan

Da farko a san cewa babu kuɗi cikin liyan, kuma ba WhatsApp ke ɗaukar kuɗin ba. Akwai ƙasashe irin su Indiya da Brazil inda ake biya a cikin WhatsApp kai tsaye, amma a Nijar aikinsa na ɗan aike ne kawai: ya kai adireshin, shi ke nan. Liyan ɗin da aka aika ta WhatsApp ana iya aika shi ta SMS, Telegram ko Messenger, aikin da zai yi ɗaya ne.

Mai riƙe da lissafin shi ne kamfanin tattara biya, wanda Faransanci ke kira « agrégateur de paiement ». Irin wannan kamfani yana ƙulla yarjejeniya da kamfanonin kuɗin waya da bankuna, domin ɗan kasuwa ya samu ƙofa guda maimakon ya bi kowanne shi kaɗai. A yankin UEMOA akwai irin su CinetPay ta Abijan, FedaPay ta Kwatano da PayDunya ta Dakar. A Najeriya an fi jin Paystack da Flutterwave, kuma ƴan kasuwar Maraɗi da Kwanni masu hulɗa da Kano, Katsina ko Sakkwato sukan ci karo da liyan ɗinsu, sai dai galibi da naira ake biyansa. Kowane kamfani yana da jerin ƙasashen da yake aiki da jerin hanyoyin biyan da yake karɓa, kuma jerin yana canzawa. Saboda haka tambayar farko kafin a buɗe asusu ita ce: shin yana yi wa ɗan kasuwar Nijar rajista, kuma yana karɓar abin da kiliyoyina ke amfani da shi? Kamfanin da ke karɓar katin Visa kaɗai ba zai amfani mai kantin da kiliyoyinsa duka Airtel Money, Moov Money ko Zamani Cash gare su ba. Haka ma wanda mutanensa suka saba da NITA ko Amana, ya tambaya ko suna cikin jerin.

Ga kamannin liyan, da adireshin misali wanda ba na kowane kamfani ba ne:

```
https://pay.example.com/l/7Kq2xR9m
```

Ɓangaren farko, `pay.example.com`, shi ne gidan kamfanin a intanet. Baƙaƙen ƙarshe, `7Kq2xR9m`, lambar shaida ce da na'urar kamfanin ta ƙirƙira. Suna kama da tikitin da ake ba mutum a tashar mota idan ya ajiye kaya: tikitin ba shi ne kayan ba, yana nuna wurin da aka ajiye su ne. Adadin kuɗi, sunan kaya da asusun da za a zuba kuɗin duk suna rubuce a na'urar kamfanin, ƙarƙashin wannan lamba. Shi ya sa a liyan ɗin da aka ƙayyade kuɗinsa, kiliya ba zai iya gyara adireshin ya mayar da jika 42 ta koma jika 4 ba. Idan ya canza harafi guda, shafin ƙin buɗewa zai yi.

Rajista, wadda ta fi cin lokaci

Haɗa liyan aikin minti 2 ne. Abin da ke ɗaukar kwanaki shi ne buɗe asusun ɗan kasuwa. Kamfanonin da ke sarrafa kuɗin jama'a a yankinmu suna ƙarƙashin ƙa'idojin babban bankin BCEAO, kuma dole su san wanda suke tara wa kuɗi. Za su nemi katin shaida ko fasfo, lambar waya, adireshin imel, da wurin da za su riƙa zubo kuɗin, wato asusun banki da takardarsa ta RIB ko lambar kuɗin waya. Ga mai kamfani, sukan ƙara da rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF. Wasu suna da matakin ƙananan ƴan kasuwa da ba ya buƙatar duk waɗannan, amma da iyaka kan abin da za a iya karɓa.

Akwai wani tarko a nan da sababbi ke yawan faɗawa. Kamfanoni da yawa suna buɗe wa mutum fili biyu: na gwaji, wanda aka rubuta wa `Test` ko `Sandbox`, da na gaske, wanda aka rubuta wa `Live` ko `Production`. Kafin a amince da takardu, na gwajin kaɗai ke aiki. Liyan ɗin da aka haɗa a can yana buɗewa kamar na gaske, har ya nuna an biya, alhali ko dala ba ta motsa ba. Kafin a aika wa kiliya na farko, a duba saman allo a ga a wane fili ake. Mafi kyau ma, mai kaya ya haɗa liyan na sefa 500, ya biya da wata wayar ta gida, ya bi kuɗin da ido har ya ga sun sauka.

Misalin mai kilishi

Mu ɗauki misalin mai kilishi a Madawa. Wata kiliya a Yamai tana son kilishi na jika 40 domin biki, kuɗin aika kwalin ta motar fasinja kuma jika 2. Jimilla sefa 42,000.

Mai kilishin zai shiga asusunsa, ta manhajar kamfanin ko ta shafinsa, ya nemi wurin da aka rubuta « Liens de paiement », ya taɓa « Créer » ko « Nouveau lien ». Sunayen maɓallan suna ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma abin da ake cikewa kusan ɗaya ne.

Gurbin farko shi ne « Montant », wato adadi. A nan ne lissafinmu na gida ke iya cutar da mutum. A baki muna cewa jika 42, dattawa ma suna iya ƙirga shi da dala, su ce dala 8,400. Na'ura ba ta san jika ba, ba ta san dala ba, sefa take ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rubuta `42` ya nemi sefa 42. Wanda ya rubuta `8400` ya nemi kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa. Abin da za a rubuta shi ne `42000`, a haɗe, babu ɗigo, babu waƙafi, domin wata na'urar tana iya karanta `42.000` a matsayin 42. A gurbin nau'in kuɗi kuma a tabbatar an ga `XOF`, wanda shi ne sefar Afirka ta Yamma. `XAF` sefar su Kamaru da Cadi ce.

Gurbi na biyu shi ne bayani, « Description ». Mutane da yawa suna rubuta kalma guda, « kaya », su wuce. Nan gaba su ne za su sha wahala. Abin da aka rubuta a nan shi kiliya za ta gani kafin ta biya, shi kuma zai fito a jerin cinikin mai kaya bayan wata guda, lokacin da ya riga ya manta. Ya fi kyau a rubuta: kilishi na 40,000 da kuɗin mota 2,000, Yamai. Idan akwai gurbin « Référence », a sa lambar da mai kaya ya ba cinikin a littafinsa, misali `MD-118`. Ita ce ke haɗa littafi, hirar WhatsApp da kuɗin da suka shigo. Kada a rubuta sirrin kiliya a bayanin, domin duk wanda liyan ya faɗa hannunsa zai iya karanta shi.

Sai zaɓin da ya fi muhimmanci, wanda kuma aka fi tsallakewa: liyan na biya sau ɗaya, ko wanda za a yi ta biya. Na sau ɗaya yana rufe kansa da zarar an biya. Shi ya dace da cinikin mai kilishi, domin kuɗin na mutum guda ne, na kaya guda. Na biyun yana nan buɗe, mutum 50 ma za su iya biya ta cikinsa. Yana da amfani ga abin da farashinsa bai canzawa, kamar kuɗin rajistar horo ko tikitin taro, inda za a sa shi a guruf kowa ya biya. Amma idan aka yi amfani da shi a cinikin mutum guda, kiliyar da rezo ya ruɗe ta tana iya biya sau biyu ba tare da wani abu ya tsayar da ita ba. Akwai kuma liyan mai buɗaɗɗen adadi, inda kiliya ke rubuta kuɗin da kanta. Ga tara gudummawa yana da kyau. Ga ciniki kuwa, ya dawo da matsalar jika da dala, wannan karon a hannun kiliya.

Idan kamfanin ya ba da damar sa ranar ƙarewa, a sa ta. Farashin nama yana motsi, musamman gab da salla. Liyan ɗin da aka bari buɗe, kiliya tana iya tono shi cikin hira bayan wata 2 ta biya tsohon farashi, kuma a rubuce ita ke da gaskiya. Kwana 1 ko 2 ya isa ga irin wannan ciniki.

Daga nan sai a taɓa maɓallin tabbatarwa. Na'urar za ta fito da adireshin, tare da « Copier » ko « Partager ».

Wa zai biya komisyon?

Kamfanin ba kyauta yake aiki ba. Yana cire wani kaso a kan kowane biya, kuma kason yakan bambanta tsakanin kuɗin waya da katin banki. Adadinsa yana cikin yarjejeniyar da aka sa wa hannu. Domin lissafi kawai, mu ce kashi 3 cikin 100 ne.

Idan mai kilishi ya nemi 42,000, za a cire 1,260, ya karɓi 40,740. Tunda jika 2 na mota ne, abin da ya rage masa a kan kilishin jika 40 shi ne 38,740. Idan ribarsa ba ta da yawa, wannan ba ƙaramin gibi ba ne.

Sai ya ce bari ya ɗora komisyon a kan kiliya. Abin da ya fi zuwa wa mutum a rai shi ne ya ƙara 1,260, ya nemi 43,260. Amma kamfanin a kan sabon adadin zai cire kashi 3, wato kusan 1,298, saura 41,962. Har yanzu da gibin sefa 38. Hanyar da ta dace ita ce a raba abin da ake son karɓa da 0.97. Idan aka raba 42,000 da 0.97 ana samun kusan 43,299, a cika shi 43,300. Kashi 3 na wannan shi ne 1,299, mai kilishi ya karɓi 42,001. Sefa 38 ba komai ba ne a ciniki guda, amma ga mai sayar da buhunan albasa ko niyabe na miliyoyi, gibin yana girma daidai da kuɗin.

Wasu kamfanoni suna da maɓallin da ke ɗora kuɗin a kan mai biya, su yi lissafin da kansu. Wasu kuma yarjejeniyarsu ta hana a ƙara wa kiliya komai, sai a karanta. Ko ma wanne ne, a ganina babban kuskure shi ne a yi ciniki a kan 42,000 sannan kiliya ta buɗe shafi ta tarar da 43,300. Ko da ƙarin na gaskiya ne, za ta ɗauka an yi mata wayo. A faɗa mata tun wurin tayi.

Saƙon da ke rakiyar liyan

Liyan tsirara, ba gaisuwa ba bayani, kama yake da na ƴan damfara, kuma mai hankali ba zai taɓa shi ba. A aika shi cikin hirar da aka yi cinikin, daga lambar da kiliya ta sani, da bayani kamar haka:

« Hajiya, barka da yamma. Kilishi jika 40, kuɗin mota jika 2, kuɗin biya 1,300, duka 43,300. Lambar cinikinki MD-118. Ki taɓa liyan ɗin da ke ƙasa, za ki ga sunan shagonmu da wannan adadi. Yana aiki har gobe da dare. Ba za mu taɓa tambayarki kodinki na sirri ba. »

Adireshin kansa a sa shi a layinsa shi kaɗai, ko a saƙo na daban. Kada a manna masa wata kalma ko alama a gaba ko a baya, domin waya tana iya haɗa su da adireshin, shafin ya ƙi buɗewa. Kada kuma a sake rubuta shi da hannu. Ƙaramin `l` da babban `I` kusan kama ɗaya suke a allo, haka sifili da `O`, kuma a lambar liyan babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne. Kwafa a manna shi ne kawai.

A wasu wayoyi, liyan ɗin da ya zo daga lambar da ba a ajiye ba ba ya taɓuwa sai an ajiye lambar ko an amsa saƙon. Idan kiliya ta ce bai yi shuɗi ba, wannan ne abin farko da za a gwada. Ga wadda ba ta karatun boko sosai, a bi saƙon da muryar bayani, a faɗi adadin da jika yadda ta saba ji. Mai amfani da WhatsApp Business yana iya ajiye kalaman saƙon a « Réponses rapides », ya riƙa kiran su da alamar `/`, sai dai ya tuna ya canza adadi, lamba da liyan a kowane ciniki. Tsohon liyan da aka manta cikin saƙon da aka ajiye yana iya sa sabon kiliya ya biya cinikin wani.

Kada a rikita liyan ɗin biya da wanda ke farawa da `wa.me`. Wannan na biyun hira kawai yake buɗewa da wata lamba, ba ya karɓar kuɗi.

Abin da ke faruwa idan ta taɓa

Shafin zai buɗe a wayar Hajiya, saboda haka tana buƙatar intanet ko da kaɗan ne. Za ta ga sunan shago, bayani da 43,300. Ta zaɓi hanyar biya, misali kuɗin waya, ta rubuta lambar da kuɗin ke ciki. A nan a kula: wani shafin ya riga ya sa `+227`, lambobi 8 kawai yake jira, kuma wanda ya sake rubuta 227 zai ga an ƙi lambar.

Daga nan kamfanin tattarawa zai aika buƙata zuwa kamfanin wayar. Mafi yawan lokaci wani ɗan akwati ne zai fito a allon wayar da layin ke ciki, irin wanda ake gani wurin duba kiredi, yana faɗin adadin, yana neman kodin sirri. A wasu hanyoyin, ana tura mutum cikin manhajar kamfanin kuɗin ya tabbatar a can, ko a ba shi lamba ta wucin gadi ya rubuta a shafin. Mai katin banki kuwa zai rubuta lambar katin, sannan bankinsa ya aiko masa da kodi ta SMS domin tabbatarwa. Abin lura shi ne mai kilishi ba ya ganin kodin Hajiya a kowane mataki, kuma ba ya buƙatarsa.

Idan kodin ya yi daidai kuma kuɗin sun isa, kamfanin waya zai cire su, ya sanar da kamfanin tattarawa, shi kuma ya canza matsayin liyan ɗin ya sanar da mai kaya. Kuɗin sun shiga asusun mai kilishi na wurin kamfanin ke nan, ba aljihunsa ba tukuna. Zubo su zuwa banki ko lambar waya mataki ne na daban, wanda ake kira « reversement ». A wani kamfanin sai mai kaya ya nema, a wani kuma yana zuwa da kansa bayan wasu kwanakin aiki. Wanda zai sayi naman gobe da kuɗin yau ya san wannan tazara tun kafin ya dogara da liyan.

Kaftir ba shaida ba ne

Yaushe mai kilishi zai kai kwali tasha? Sai ya buɗe asusunsa ya ga `MD-118` da adadin 43,300 da matsayin da ke nuna an biya, « Payé » ko « Réussi ». Hoton da kiliya ta turo ba ya wadatarwa. Gyara adadi ko rana a kan kaftir aikin ɗan lokaci ne ga wanda ya iya, kuma ana iya turo hoton biyan da aka yi makon jiya. SMS ma ana ƙirƙirarsa daga wata lamba, da kalaman da suka yi kama da na kamfani. Wannan ba zargin kiliya ba ne. Hajiya mai gaskiya ma tana iya turo hoton shafin da ya ce an aika buƙata, tana zaton an gama.

Matsayin da ya fi kawo rigima shi ne « En attente », wato ana jira. Yana iya nufin akwatin kodin bai fito ba, ko ya fito ta yi jinkiri har ya ɓace. Yana kuma iya nufin an cire kuɗin amma sanarwar ba ta iso ba saboda rezo. Hanyar rarrabewa ita ce Hajiya ta duba ragowar kuɗin asusunta. Idan ba a taɓa su ba, ta sake gwadawa. Idan an cire, kada ta sake biya. Ta turo lambar shaidar da ke cikin SMS na kamfanin wayarta, mai kilishi ya ɗan jira ya sake dubawa, idan bai canza ba ya kai wa sashen kula da ƴan kasuwa na kamfanin tattarawa wannan lamba tare da lambar cinikin. Da su biyun ake gano inda kuɗin suka tsaya.

Idan kuwa aka ga « Échoué », biyan bai yiwu ba, kuma dalilan ba su da yawa: kuɗin asusu ba su kai ba, an yi kuskuren kodi, lambar da aka rubuta ta wani kamfanin waya ce daban da wanda aka zaɓa, ko adadin ya wuce iyakar da aka sa wa asusun. Wannan na ƙarshen yakan faru a manyan cinikai. Maganinsa a raba kuɗin gida biyu, kowane da liyan ɗinsa da lambarsa, misali `MD-118A` da `MD-118B`.

Ɓangaren mai biya

Sauƙin da ya sa liyan ya yi daɗi shi ne kuma ya sa ƴan damfara ke son sa. Kowa yana iya ƙera shafi mai kama da na kamfani. Mai biya ya duba adireshin, musamman kalmomin da ke gab da alamar `/` ta farko bayan `https://`. A misalinmu, `pay.example.com` na gidan `example.com` ne. Amma `example.com.biya-yanzu.net` na wani gida ne mai suna `biya-yanzu.net`, an sa sunan kamfanin a gaba ne domin ruɗi. Ɗan kwaɗon da ke fitowa kusa da adireshi yana nuna cewa hanyar a rufe take daga masu leƙe, ba ya nuna cewa mai shafin mutumin kirki ne.

Liyan ɗin biya na fitar da kuɗi ne. Duk wanda ya ce a taɓa liyan a sa kodi domin a karɓi kyauta, tallafi ko kuɗin da aka turo bisa kuskure, kuɗin mutum yake so ya kwashe. Haka duk shafi ko mutumin da ya nemi a rubuta masa kodin sirri cikin hira.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa ta lambar da aka sani. Idan aka sace WhatsApp na mai kaya, ta hanyar yaudararsa ya faɗi lambobi 6 da ake aikowa ta SMS, ɓarawon zai shiga guruf-guruf ɗinsa ya riƙa aika nasa liyan da sunansa. Mai kaya ya kunna « Vérification en deux étapes » a saitin WhatsApp, ya kuma sa wa asusunsa na kamfanin kalmar sirri dabam da ta sauran wurare. Kiliya kuma, idan sunan da ya fito a shafin biya ba na shagon da ta sani ba ne, ko adadin ya saɓa da abin da aka daidaita, ta tsaya ta kira mai kayan a ji muryarsa.

Mayar da kuɗi ma yana da tasa ƙa'ida. Idan ciniki ya warware, a mayar ta cikin asusun kamfanin in yana da wannan hanya, ko aƙalla zuwa lambar da ta biya, bayan an tabbatar kuɗin sun shigo. Wani yakan kira ya ce ya biya fiye da kima, a turo masa ragowar a wata lamba da sauri. Kafin a tura komai a buɗe jerin ciniki a gani. A biyan katin banki kuwa, wanda ƴan uwanmu na ƙasashen waje suka fi amfani da shi, mai katin yana iya kai ƙara bankinsa bayan makonni ya ce bai san da cinikin ba, kuma ana iya janye kuɗin daga asusun mai kaya. Abin da zai kare mai kilishi a ranar shi ne hirar da aka yi, lambar `MD-118`, da rasit ɗin tashar da ke nuna ranar da kwalin ya tashi daga Madawa da sunan wanda ya karɓa a Yamai.